Diyapo ya cika da rubutu: tambayoyi da amsoshi a kan raba shi da mayar da bayani ƙasa

Duk wanda ya saba halartar tarukan ƙara wa juna sani a Maradi, ko zaman kare kundin digiri a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya san irin diyapon da ake magana. An kwafo sakin layi guda daga rahoto an liƙa a shafin majigi, rubutun ya ƙanƙance, mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karantawa daga bango. Amsoshin nan duka za su bi misali ɗaya: malamin gona ne aka ba shi minti 15 ya yi wa shugabannin ƙungiyoyin manoma na Madarunfa, Tibiri da Gidan Runji bayani a kan adana wake a buhu mai ruɓi uku. Sunayen maɓallai na PowerPoint ne, kuma mun fi kawo na Faransanci tunda shi ne a kan yawancin kwamfutocin ofisoshin nan.

Mene ne laifin sakin layi a kan diyapo, tunda duk abin da ke ciki gaskiya ne?

Laifin ba a cikin maganar yake ba. Mutum ba ya iya karanta jimla ɗaya yana sauraren wata a lokaci guda. Da zarar rubutu ya bayyana a bango, ido ya tafi can, kuma karatun ido ya fi baki sauri. Kafin mai jawabi ya kai jimla ta biyu, masu saurin karatu sun gama sakin layin sun ɗauko waya, masu jinkirin karatu kuwa suna can suna fama da layi na uku, ba su ji ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya yi gwaje-gwaje a kan wannan: idan aka nuna zane ana bayani da baki, sannan aka ƙara jera kalmomin bayanin nan a rubuce, fahimta kan ragu.

A ɗakin taro na Maradi akwai ƙarin matsala. Rubutun galibi da Faransanci yake, bayanin kuma da Hausa ake yi, kuma a cikin shugabannin manoma akwai waɗanda karatun boko bai yi nisa ba. Sakin layi ya raba ɗakin gida biyu ke nan: masu karatu sun bar mai magana, marasa karatu suna kallon bangon da bai ce musu komai ba.

Daga ina ake farawa? A hau goge kalmomi?

A'a. Wanda ya fara da gogewa yakan ƙare da gutsattsarin jimloli waɗanda shi kansa ba zai tuna abin da ya haɗa su ba bayan kwana biyu. Abu na farko shi ne a adana kwafin fayil ɗin da wani suna. Na biyu, a kwafe sakin layin gaba ɗayansa a zuba shi a akwatin bayanai da ke ƙarƙashin diyapo. Ana buɗe akwatin da maɓallin `Notes` na ƙasan taga, wanda a tsofaffin PowerPoint na Faransanci sunansa `Commentaires`. Da an yi haka hankali ya kwanta, domin ba abin da zai ɓace, kuma hannu ya saki wajen yanka.

Ga sakin layin malamin gonar kamar yadda yake a diyaponsa, ƙarƙashin take mai cewa «Adana wake»:

> Ƙwarin wake suna shiga tun daga gona, suna saka ƙwai a kan kwanso, kuma suna ci gaba da haihuwa a cikin rumbu har wake ya cika da huda ya rasa daraja a kasuwa. Manoma da yawa suna zuba maganin ƙwari, wanda ke da haɗari ga lafiya in ba a yi amfani da shi daidai ba. Buhu mai ruɓi uku yana da leda biyu masu kaurin mikron 80 a ciki da buhun saƙa a waje, kuma yana hana iska shiga, don haka ƙwarin ke daina ci da haihuwa su mutu. Sai a busar da wake sosai, a sheƙe shi, a duba ko ledar ta huje, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam, a ajiye a kan katako nesa da bango saboda ɓeraye, kuma kada a riƙa buɗewa.

Kusan kalma 130 ke nan a jimla huɗu. Aikin gaba ba a kan kwamfuta ake yin sa ba. A buga shi a takarda, a ɗauki biro, a karanta da ƙarfi, duk inda magana ta sauya hanya a ja sanda.

Ta yaya zan gane inda magana ɗaya ta ƙare, wata ta fara?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ƙidayar jimloli ba ta amsa ta. Jimla ta huɗu a misalin nan ita kaɗai tana ɗauke da umarni takwas.

Ma'aunin da ya fi aiki shi ne tambaya. Kowane diyapo amsar tambaya ɗaya ce da wani a cikin ɗakin zai iya ɗaga hannu ya yi. Ƙwarin nan daga ina suke fitowa? Me ya hana mu ci gaba da zuba magani? Yaya buhu zai kashe ƙwaro ba magani? Me za a yi wa waken kafin a zuba? Yaya zan san ledar lafiya take? Yaya ake ɗauri? Me ke ɓata aikin bayan an ɗaure? Tambaya bakwai, diyapo bakwai.

A lura da abin da aka haɗa da abin da aka raba. Busarwa da sheƙewa sun zauna wuri ɗaya, domin duk shirin wake ne kafin ya shiga buhu. Ɓera da yawan buɗewa su ma sun haɗu, ko da yake a ido ba su yi kama ba, saboda ɓarnarsu ɗaya ce: suna mayar da iska cikin buhu. Duba leda kuwa, da yake kalma shida ce kacal a sakin layin, ta samu diyapo nata ita kaɗai, domin leda mai huda tana rushe aikin duka kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Nauyin magana ne ke ba ta diyapo, ba tsawonta ba.

Akwai kalmomin da ke nuna gaɓa. «Amma», «sai dai», «bayan haka», «don haka», da «kuma» idan ta zo tsakanin aiki biyu, galibi nan ne wurin yanka. In ka rubuta taken diyapo ka ga ba ya tsayuwa sai da «da kuma» a tsakiya, kusan kullum diyapo biyu ne suka shiga riga ɗaya.

To me zai rage a kan diyapon?

Take, da abu ɗaya da ke tabbatar da taken. Kuma taken ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin wani abu. «Adana wake» suna ne kawai, bai ce komai ba, wanda ya shigo a makare ba zai san ko yabo ake ko gargaɗi ba. Michael Alley na Jami'ar Jihar Pensilbaniya ya daɗe yana koyar da injiniyoyi wannan tsari: jimla a sama wadda ba ta wuce layi biyu ba, hujja ta gani a ƙasa.

Diyapo bakwai na malamin gonar za su iya zama haka. Na farko: «Ƙwarin wake daga gona suke biyo shi», da hoton tafin hannu cike da wake mai huda. Na biyu: «Maganin ƙwari a cikin abinci haɗari ne», ba hoto ma in babu mai kyau. Na uku: «In iska ta ƙare, ƙwaro ya daina ci», da zanen buhu an tsaga shi, kibiya uku suna nuna leda, leda, buhun saƙa. Na huɗu: «Busasshen wake mai tsabta kaɗai ake zubawa». Na biyar: «A duba kowace leda kafin a zuba», da hoton mutum ya cika leda da iska ya riƙe bakinta yana dannawa. Na shida: «Kowane ruɓi da ɗaurinsa», da hoton bakin leda an murɗe an lanƙwasa an ɗaure. Na bakwai: «Huda ɗaya tana mayar da iska», da hoton buhuna a kan katako, da tazara tsakaninsu da bango.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: a karanta takunan nan bakwai a jere ba tare da duba komai ba. In sun ba da labarin daga farko zuwa ƙarshe, an yanka daidai. In an ji tsalle, akwai diyapon da ya ɓace ko wanda ya zauna ba a wurinsa ba.

Kalma nawa ya kamata a bari? An ce layi shida, kalma shida.

Wannan ƙa'ida ta layi shida ba dokar kimiyya ba ce, kuma tana da illa: mutum ya datse sakin layi zuwa ɗigo shida ya ce ya gyara, alhali magana shida ce har yanzu a shafi ɗaya. Girman rubutu ya fi ƙidayar kalma amfani. Take a lamba 28 zuwa 36, sauran rubutu kada ya sauka ƙasa da 24. Abin da bai shiga a wannan girman ba, ba na diyapo ba ne.

Lissafin a fili yake. Tsayin diyapo santimita 19,05 ne, wato maki 540 na ma'aunin rubutu. In majigi ya haska hoto mai tsayin mita ɗaya da rabi a bango, layin rubutu mai lamba 24 zai kai kusan santimita 6,7, mai lamba 12 kuwa santimita 3,3, kuma ƙananan haruffa kamar «a» da «n» kusan rabin wannan ne. Mutumin da ke kujerar baya, mita tara ko goma daga bango, a ɗakin da hasken rana ke shigowa ta taga, ba zai karanta na biyun ba. Ana iya gwadawa tun a ofis: a buɗe diyapo ya cika fuskar kwamfuta, a ja da baya kamar ninki shida na tsayin fuskar. A kwamfutar cinya mai inci 15 wannan ya kai mita ɗaya da 'yan kai. Abin da ya gagara karantuwa daga nan, zai gagara a ɗakin taro.

Me ya sa rubutuna ke ƙanƙancewa da kansa in na liƙa?

PowerPoint yana rage girman rubutu don ya shiga akwati, kuma wannan ne ke ɓoye wa mutane cewa sun cika shafi. Wata ƴar alama takan fito a gefen hagu na ƙasan akwatin. A danna ta a zaɓi dakatar da daidaitawar. Rubutun zai zubo ya wuce gefen diyapo, kuma gara haka, domin yanzu ana ganin gaskiyar yawan sa. A wannan alamar akwai zaɓin raba rubutu tsakanin diyapo biyu, amma kada a dogara da shi. Na'ura a tsakiya take yankawa, ba ruwanta da inda magana ta ƙare.

Akwai hanyar raba diyapo da sauri ba tare da kwafa da liƙawa sau ashirin ba?

Hanya biyu ce. Ta farko, a zaɓi diyapon a jerin gefen hagu a danna `Ctrl+D` sau shida, a samu kwafi bakwai, kowanne da cikakken sakin layi a bayanansa. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya: a rubuta sabon take, a share rubutun jiki, a bayanai kuma a bar jimlolin da suka shafi wannan diyapon kaɗai. Wannan hanya ta fi aminci, tunda tsari da launi ba sa canzawa kuma ba a rasa komai.

Ta biyu ita ce `Affichage`, sannan `Mode Plan`, wanda a Turanci yake `View` da `Outline View`. A nan rubutu kaɗai ake gani. A rubuta kowane sabon take a layinsa a danna `Maj+Tab`, wato `Shift+Tab`, layin ya ɗaga ya zama sabon diyapo. Matsalarta biyu. Bayanan ƙasa ba sa bin sabbin diyapon, suna nan a na asali, sai an raba su da hannu. Sannan in an buɗe ta aka ga diyapo fanko alhali cike yake da rubutu, dalili shi ne an zuba rubutun a akwatin da aka zana da hannu, `Zone de texte`, ba a gurbin da tsarin diyapo ya tanada ba. Sai an mayar da rubutun gurbinsa kafin wannan hanya ta yi aiki.

Malam, to bayanan ƙasa fa? In bar sakin layin yadda yake in riƙa karantawa?

In aka yi haka, an ɗauke karatu daga bango an mayar da shi kan kwamfuta ne kawai, jama'a za su koma kallon tsakiyar kan mai jawabi. Rubutun rahoto don ido aka yi shi. Bayanan ƙasa don baki ne, sai an sake su.

Abu huɗu ke shiga ciki. Jimlar buɗewa, a rubuce tsaf, domin a nan ne harshe ya fi sarƙewa. Sai ƙashin maganar a gajerun layuka, kowane layi da abu ɗaya. Sai lambobi da sunayen da ba a so a yi kuskurensu. Sai jimlar da za ta kai ga diyapo na gaba. Ga na diyapo na uku:

> Buɗewa: Kowa ya san abin da ke faruwa da fitilar kwano in aka kife ta da tukunya.
> Ƙwaro da tsutsarsa numfashi suke yi, su ne ke cinye iskar da ke cikin buhu.
> Leda biyu: in ɗaya ta samu rauni, ɗayar ta tare.
> Buhun saƙa don ɗauka da kariya ne, ba ya tare iska.
> Lamba: kaurin kowace leda mikron 80. Buhu na kilo 50 ko kilo 100.
> In an tambaya: sunansa PICS, daga Jami'ar Purdue ta Amurka.
> NUNA buhun a hannu, a zagaya da shi.
> Gaba: amma duk wannan ba ya aiki in waken da ɗanshi.

A duba inda mikron 80 ya koma. Gaskiya ce, kuma tana da amfani ga wanda zai saya wa ƙungiya buhu, amma ba ita ce amsar tambayar diyapon ba, don haka ta sauka ƙasa tana jiran mai tambaya. Umarnin da mai jawabi ke ba kansa, kamar nuna buhu ko dakatawa, a sa shi da manyan haruffa don kada ya karanta shi da ƙarfi cikin ruɗu.

Kuma a rubuta bayanan da harshen da za a yi magana da shi. Mutane da yawa suna barin su da Faransanci suna fassarawa a tsaye, sai Hausar ta fito a karkace, rabin jimla nan rabi can. Diyapo yana iya zama da Faransanci in masu shirya taro sun buƙaci haka, amma bayanan ƙasa na mai magana ne shi kaɗai.

Diyapo ɗaya ya zama bakwai. Lokacina ba zai ƙare ba?

Maganar ba ta ƙaru ba, shafukan ne suka ƙaru, kuma danna maɓalli ba ya cin daƙiƙa ɗaya. Abin da ke cin lokaci shi ne yawan abin da ke cikin bayanai. A minti 15, malamin gonar zai ware minti ɗaya na gaisuwa da gabatarwa, minti goma zuwa sha ɗaya na diyapo bakwai, ya bar sauran ga tambayoyi. Kuma ba daidai za a raba ba: maganin ƙwari ya ishe shi daƙiƙa 40, ɗauri kuwa zai ci minti uku tunda da hannu za a nuna.

Hanyar sanin gaskiya ɗaya ce, a tashi tsaye a faɗa da ƙarfi da agogo. In lokaci ya wuce, magana ake cirewa, ba sauri ake ƙarawa ba. In akwai tafinta mai juyawa zuwa wani harshe, lokacin kusan ninki biyu yake zama, sai a rage rabin bayanan tun daga gida.

Wani lokaci masu shirya taro kan ce kada a wuce diyapo goma. Mafi munin amsa ita ce a sake cusa magana bakwai a shafi ɗaya don a cika sharaɗi. A zaɓi waɗanda suka fi nauyi, sauran a kai su ƙarshen fayil a ɓoye da `Masquer la diapositive`. Ba za su fito a jere ba, amma in tambaya ta taso, ana rubuta lambar diyapon a danna `Entrée` ya bayyana.

Yaya zan ga bayanaina ba tare da jama'a sun gani ba?

Da `Mode Présentateur`, wanda ake kunnawa a ƙarƙashin `Diaporama`. Majigi zai nuna diyapo kaɗai, kwamfuta kuma ta nuna diyapon yanzu, na gaba, bayanai da agogo. Ana gwada shi a gida ba majigi da `Alt+F5`. A ƙasan bayanan akwai alamar harafin A babba da ƙarami don ƙara girman rubutu, kuma ya kamata a ƙara, domin a tsaye za a karanta.

Abin da ya fi lalacewa a nan shi ne haɗin majigi. In bango da kwamfuta suna nuna abu ɗaya, a danna `Windows+P` a zaɓi `Étendre` a maimakon `Dupliquer`. In kuma aka ga bayanan ne suka hau bango diyapo ya dawo kwamfuta, a saman tagar akwai `Paramètres d'affichage`, a nan ake musanya su. Google Slides da LibreOffice Impress su ma suna da akwatin bayanai da irin wannan taga, kuma suna buɗe fayil ɗin PowerPoint da bayanansa.

Duk da haka a buga bayanan a takarda. A taro da yawa kwamfuta ɗaya ce ta masu shiri, tana can nesa a kan tebur kusa da majigi, wani yaro ne ke dannawa, kai kuma kilen USB kawai ka miƙa. Wuta ma tana iya ɗaukewa. Ana bugawa daga `Fichier`, `Imprimer`, a sauya zuwa `Pages de notes` ko `Pages de commentaires`. A duba kafin a buga, a tabbatar ƙarshen bayanan da suka yi tsawo bai yanke ba.

Shugabana ya ce diyapon ya zama fanko, wanda bai zo taro ba ba zai fahimta ba.

Yana da gaskiya, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa diyapo ke cika tun farko: ana so fayil ɗaya ya yi aikin majigi ya kuma yi aikin rahoto. Maganin shi ne a fitar da abu biyu daga fayil ɗin. Na bango shi ne diyapo. Na rabawa shi ne shafukan bayanai a PDF, kowane shafi da hoton diyapo a sama da bayaninsa a ƙasa. Wajen adanawa a PDF sai an shiga `Options` an zaɓi shafukan bayanai, in ba haka ba diyapo tsirara zai fita, kuma shi ne mutane ke turawa ta WhatsApp a yi ta tambayar me ake nufi.

Sai dai bayanan da aka rubuta don baki gajeru ne, da umarnin kai a ciki. In za a raba su, a yi kwafin fayil, a cika jimlolin, a cire irin su «NUNA buhu». A nan ne sakin layin asali da aka adana tun farko yake dawowa da amfani.

Akasin haka ma yana faruwa. Mutum ya rubuta a bayanansa «kada a ambaci kuɗin bara a gaban wakilin masu ba da tallafi», ya manta, ya tura fayil ɗin. Duk wanda ya buɗe zai gani. Kafin a tura fayil waje, a yi kwafi, a bi `Fichier`, `Informations`, `Inspecter le document`, a goge bayanan gabatarwa. A kan kwafi kaɗai ake yi, domin goge bayanan kowane diyapo yake yi a lokaci ɗaya.

Akwai rubutun da bai kamata a datse ba?

Akwai. Ayar doka, ma'anar da ɗalibai za su kwafa, ko maganar wani da aka ɗauko kalma da kalma, ba a taɓa su. A ba su diyapo nasu su kaɗai, da babban rubutu, a ƙara wa kalmomi biyu ko uku masu nauyi kauri, sannan mai jawabi ya yi shiru har a gama karantawa kafin ya buɗe baki.

Sharaɗi ma ba a tura shi ƙasa in cire shi zai juya ma'ana. «Buhu mai ruɓi uku yana kare wake» take ne mai daɗi, amma in aka bar «matuƙar waken ya bushe kuma ledar ba ta huje ba» a bayanai kaɗai, wanda ya ɗauki hoton diyapon da waya ya kai ƙauye ya tafi da rabin gaskiya. Shi ya sa a misalinmu busarwa da duba leda suka hau take. Tambayar da za a yi wa kowace jimla kafin a saukar da ita ita ce: in wani ya ga diyapon nan shi kaɗai, zai iya yin kuskuren da zai jawo masa asara? In eh, jimlar ta zauna sama.

Teburin lambobi kuwa, kamar farashin tiyar wake wata-wata a kasuwanni biyar, ba a raba shi gida goma sha biyu. A fitar da abin da yake nunawa a sa a take, a zana layi ɗaya ko a nuna lambobi biyu da ake so a kwatanta, cikakken teburin ya tafi takardar rabawa ko diyapon ɓoye.

Na rubuta take da Hausa, a wata kwamfuta ƙ da ɗ suka zama akwatuna.

Nau'in rubutun da aka zaɓa ne babu shi a waccan kwamfutar, ko kuma ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Alamar farko ita ce a ga ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ sun bambanta da sauran haruffan kalmar a kauri ko tsayi, ma'ana na'ura ta aro su daga wani nau'in. A lamba 32 a kan bango wannan a fili yake fitowa. Noto Sans da Andika suna da haruffan duka, amma sai an haɗa su da fayil ɗin: `Fichier`, `Options`, `Enregistrement`, a sa alama a `Incorporer les polices dans le fichier`. A kuma ajiye PDF na diyapon a kile ɗaya, domin shi ba ya sauya kama a kowace kwamfuta, sai dai ba ya nuna bayanan ƙasa a lokacin jawabi, don haka takardar da aka buga ta kasance a hannu.